Makonni biyar bayan girgizar ƙasar Kobe: yadda bankin Barings ya nutse

Da asubahin ranar 17 ga Janairu, 1995, ƙasa ta girgiza a birnin Kobe na Japan, mutum sama da 6,000 suka rasa rayukansu. A lokacin ma'aunin hannun jarin Tokyo, wato Nikkei 225, yana sama kaɗan da maki 19,000. Kwanakin farko ya ɗan daure, amma ranar 23 ga wata ya zube da maki fiye da 1,000 a yini guda. Can kuma a Singapore, a kasuwar SIMEX inda ake cinikin kwantiragin gaba a kan wannan ma'auni, wani matashi ɗan Birtaniya mai shekara 27, Nick Leeson, yana ta saye da sunan bankin Barings kamar bai ga abin da ke faruwa ba.

Kafin a gane abin da ya biyo baya, sai an san yadda ake ƙirga buɗaɗɗun kwantiragi. Kwantiragin gaba alkawari ne tsakanin mutum biyu: ɗaya ya ɗauki saye, ɗaya ya ɗauki sayarwa, a daidaita lissafi a wata rana mai zuwa. Idan sabon mai saye ya haɗu da sabon mai sayarwa, adadin kwantiragin da ke buɗe ya ƙaru da ɗaya. Idan su biyun rufe tsohon alkawari suka zo yi, adadin ya ragu da ɗaya. Idan kuwa wani ya fita wani ya maye gurbinsa, adadin bai motsa ba. Babu wanda ke biyan cikakken kuɗin kwantiragi. Kafin alƙalami kaɗan ake ajiyewa a matsayin jingina, sannan kowace rana bayan an tashi kasuwa a cire asarar ranar daga wanda farashi ya juya wa baya, a ba ɗayan. Jinginarka ta yi ƙasa, a kira ka ka cike ta da tsabar kuɗi, in ba haka ba a rufe maka ciniki ko kana so ko ba ka so.

A SIMEX a lokacin, kowane maki ɗaya na Nikkei yana daidai da yen 500. Ke nan kwantiragi guda a kan maki 19,000 ya kai yen miliyan 9.5, kuma faɗuwar maki 1,000 tana cinye wa mai saye yen 500,000. Leeson ya sayi kwantiragi sama da 10,000 'yan kwanaki kafin faɗuwar 23 ga Janairu. Lissafin ba shi da wuya: kusan yen biliyan 5 suka tafi a rana ɗaya, wajen dala miliyan 50 a canjin wancan lokaci.

Ba don yana ganin arha kawai yake saye ba. Tun kafin girgizar ƙasar ya sayar da ɗimbin takardun zaɓi waɗanda ribarsu ta dogara ga ma'aunin ya tsaya kusa da 19,000, kuma a ƙarshen 1994 ya riga ya ɓoye asarar fam miliyan 208 a wani asusu mai lamba 88888. Duk nisan da farashi ya yi daga wannan waje, ramin yana ƙara zurfi. Shi ya sa ya ƙara saye, har abin da yake riƙe da shi ya kai wajen 27,000 kafin ƙarshen Janairu. Kasuwa ta ɗan farfaɗo, kuma zuwa farkon Fabrairu ya maido da mafi yawan abin da ya rasa tun bayan Kobe. A ganina wannan farfaɗowar ce ta ƙarasa shi, domin ta nuna masa cewa dabarar tana aiki. Da farashi ya sake gangarawa, sai ya ninka. Zuwa 23 ga Fabrairu yana riƙe da kwantiragi sama da 60,000, ciki har da kusan rabin duk buɗaɗɗun kwantiragin watan Maris. A wannan matsayi, kowane maki ɗaya da ma'aunin ya sauka yana ɗauke masa kimanin yen miliyan 30.

Abin da aka saba koya wa masu bin kasuwa shi ne, idan farashi yana sauka kuma buɗaɗɗun kwantiragi suna ƙaruwa, to sababbin masu sayarwa ne ke shigowa da ƙarfi, faɗuwar kuma za ta ɗore. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin wanda ya fi matsuwa shi ke jan farashi zuwa wajensa. Amma rabin labarin ke nan. Ba a buɗe kwantiragi da hannu ɗaya. Duk wanda ya shigo yana sayarwa, akwai wanda ya karɓa, kuma wannan mai karɓar yana biyan asara da tsabar kuɗi kowace yamma. Abin da adadin ke nunawa tabbas shi ne alkawuran da aka ɗora a kan jingina kaɗan suna taruwa, kuma ɓangaren da ke asara bai sallama ba tukuna. Tambayar da ta fi amfani ita ce wane ne a wannan ɓangaren, kuma daga ina yake samo kuɗin cike jingina. Idan mutane da yawa ne masu rumbun kuɗi, ko masu kare wani kaya da suke riƙe da shi a wani wuri, kasuwa na iya ɗaukar nauyin. Idan mutum ɗaya ne da kuɗin aro, ranar da kuɗin suka ƙare dole duk abin da ya saya ya dawo kasuwa a lokaci guda.

Alamun ba a ɓoye suke ba, kuma wannan ne ya fi ɓata rai a labarin. Kasuwar Osaka, inda ake cinikin irin wannan kwantiragi a Japan, tana wallafa matsayin membobinta, kuma a tsakiyar Fabrairu an ga Barings da kwantiragin saye wajen 20,000 a can, ya ninka na mai bi masa sau da yawa. 'Yan kasuwa sun yi ta raɗe-raɗin cewa akwai wani hamshaƙin abokin ciniki a bayan bankin. Shugabannin bankin a London kuwa sun ɗauka abin da aka saya a Osaka an sayar da kwatankwacinsa a Singapore don cin ɗan bambancin farashi, ciniki marar haɗari. Babu wanda ya gwada alƙaluman biyu da kansa, saboda Leeson ne ke ciniki kuma shi ne ke kula da littattafan da ake rubuta cinikin. Alhali ciniki mai daidaito irin wannan ba ya ta cin kuɗi ta hanya ɗaya har tsawon makonni, domin abin da aka rasa a nan ana samunsa a can. Duk da haka rassan Barings sun tura sama da fam miliyan 700 zuwa Singapore don biyan jingina, wani ɓangare nasu ma aro ne.

Ranar Alhamis 23 ga Fabrairu Leeson ya bar ofis ya tsallaka Kuala Lumpur. A ƙarshen makon Babban Bankin Ingila ya nemi masu ceto bai samu ba, domin kwantiragin suna nan a buɗe, babu mai iya faɗin inda asarar za ta tsaya. Ranar Lahadi 26 ga wata aka miƙa Barings, bankin da aka kafa a 1762, ga masu kula da kamfanonin da suka karye. Da aka buɗe kasuwa ranar Litinin kowa ya san akwai dubban kwantiragi da dole a rufe, masu saye suka ja baya, ma'aunin ya faɗa ƙasa da 17,000. A kwanakin da suka biyo aka warware matsayin bankin, kuma asarar ta kai aƙalla fam miliyan 827, fiye da jarinsa gaba ɗaya. An kama Leeson a Frankfurt ranar 2 ga Maris, bankin ING na ƙasar Holand ya sayi Barings a kan fam ɗaya tare da ɗaukar basussukansa, sannan a Disamba kotun Singapore ta yanke wa Leeson ɗaurin shekara shida da rabi.