Daga "Kowa Ƙarfe Takwas" zuwa "Kowa da Lokacinsa"

Mu da muka fara aikin ɗaukar ma'aikata a zamanin tafireta mun san dalilin da ya sa ake kiran masu neman aiki duka ƙarfe takwas na safe. Wasiƙa ɗaya ake bugawa a sitansil, a gurza kofe, a bar gurbin suna a cika da biro, masinja ya kai gidan waya. Ba mu da tabbacin wa ta isa, wa ba ta isa ba, don haka sai a ƙara da sanarwa a rediyo ko a jaridar New Nigerian. Wanda bai san mutum nawa za su zo ba, ina zai raba musu lokaci? Haka mutane za su cika baranda, wani ya yi sammako daga ƙauye, ba a kira shi ba sai bayan la'asar, ga yunwa ga gajiya, ya shiga gaban kwamiti duk a galabaice. Wannan ya daɗe yana damuna, domin yunwar ce ake aunawa a lokacin.

Shigowar wayar salula Najeriya a 2001 ta sauya lissafin, tunda yanzu mutum na iya amsawa cewa zai zo. A ce mutum goma sha biyu ne, kowa minti ashirin: a fara ƙarfe tara, a tashi ƙarfe ɗaya, kafin azahar. Na nesa ba a sa su a farko. Kowa kuma a ba shi lokacin isowa rabin awa kafin shigarsa, saboda a duba takardunsa: ainihin takardun makaranta da kofensu, shaidar kammala bautar ƙasa, ta haihuwa, ta ƙaramar hukuma, da hotunan fasfo. Malamin jinya a ƙara masa lasisi, wanda akawu ba ya buƙata, shi ya sa saƙo ɗaya ba ya yi wa kowa.

Sabon zamanin ya zo da nasa tarkon. Saƙon tes harafi 160 ne, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ sai ya ragu zuwa 70, ya rabu gida-gida. Excel na cinye sifirin farkon lambar waya idan ba a mai da layin rubutu ba. Mafi muni, wani ya jera sunaye bisa harufa ya bar layin lokaci yadda yake, sai kowa ya samu lokacin wani. Daga 2016 kuma, da hukumar sadarwa ta ƙasa ta fito da lambar 2442 ta toshe tallace-tallace, saƙonnin da ake turawa a dunƙule suka riƙa maƙalewa. Saboda haka muke rufe kowane saƙo da neman amsa, wanda ya yi shiru kwana biyu kafin intabiyu a buga masa waya.