Kwantiragin gaba

Kwantiragin gaba (suna, namiji, jam'i: kwantiragogin gaba). Yarjejeniya ce ta saye ko sayar da kaya a wani wata mai zuwa, kan farashin da aka yanke tun yau. A kasuwar hatsi ta Chicago, wadda aka kafa a 1848, kwantiragin masara ɗaya mudun bushel 5,000 ne.

Da shi manomi ke kare kansa daga faɗuwar farashi. A ce tun lokacin shuka ya sayar da kwantiragin Disamba a dala 5 kowane bushel. Kaka ta yi, farashi ya sauka zuwa dala 4. Masararsa bushel 5,000 ta yi asarar dala 5,000, kwantiragin ya maido masa da ita cif. Da farashi ya haura zuwa dala 6 kuwa, da ƙarin ya wuce shi, ga dillali yana neman cikon kuɗin jingina tun masara na gona. Nan ne manoma da yawa ke jin jiki.

Ɗan uwan kwantiragin gaba shi ne kwantiragin zaɓi: mutum ya biya wani kuɗi da ba ya dawowa, ya samu damar saye ko sayarwa ba tare da tilas ba. Mai shigo da alkama yakan sayi damar saye, in farashi ya faɗi sai ya ƙyale ta ya sayi alkamarsa da araha a kasuwa.