Hawa da saukar farashin kuɗin kirifto

Hawa da saukar farashin kuɗin kirifto shi ne yadda darajar kuɗaɗen intanet irin su Bitcoin da Ethereum ke tashi ko faɗuwa da yawa cikin ɗan gajeren lokaci. Farashin zinariya ko na manyan kuɗaɗen duniya bai cika motsawa da fiye da kashi 1 ko 2 cikin 100 a rana ba, amma Bitcoin ya sha motsawa da kashi 10 cikin 100 a yini guda. A ranar 12 ga Maris 2020, lokacin firgicin annobar korona, ya faɗi da kusan kashi 40 cikin 100 a rana ɗaya. Wannan hali ne ya sa masu ba da shawara kan ajiya suke auna abin da ya kamata mutum ya riƙe na kirifto da asarar da zai iya ɗauka, ba da ribar da yake fata ba.

Tarihin manyan faɗuwa

An ƙaddamar da Bitcoin a watan Janairu na 2009. A watan Disamba na 2017 farashinsa ya kusan kai dala 20,000, amma bayan shekara ɗaya ya dawo wajen dala 3,200, wato ya rasa fiye da kashi 80 cikin 100 na darajarsa. Ya sake tashi har ya kai kusan dala 69,000 a watan Nuwamba na 2021, sannan ya gangaro ƙasa da dala 16,000 a Nuwamba na 2022. Wanda ya saya a ƙololuwar 2021 sai da ya jira har watan Maris na 2024 kafin farashin ya dawo inda ya saya. A watan Disamba na 2024 kuma Bitcoin ya haura dala 100,000 a karon farko.

Dalilan hawa da sauka

Dalili na farko shi ne yawan Bitcoin ba ya ƙaruwa don masu nema sun ƙaru. Idan masara ta yi tsada a kasuwa, masu ajiya sukan fito da tasu, manoma kuma su ƙara shuka a damina mai zuwa, sai farashin ya lafa. Bitcoin ba haka yake ba. An ƙayyade adadinsa gaba ɗaya a miliyan 21, kuma tsarinsa ne ke yanke yawan sababbin da za su fito. Duk bayan kimanin shekara huɗu ana rage wannan adadi da rabi. Tun daga watan Afrilu na 2024, kimanin sababbin Bitcoin 450 ne ke fitowa a kowace rana, ko farashi ya ninka ko ya karye. Saboda haka duk canjin da aka samu a yawan masu saye, a kan farashi yake sauka.

Dalili na biyu shi ne rashin ma'aunin da za a ɗaure darajarsa da shi. Gida yana kawo kuɗin haya, hannun jari yana kawo rabon riba, don haka idan farashinsu ya faɗi ƙwarai, akwai masu lissafa abin da suke kawowa su ga sun yi araha su saya. Bitcoin ba ya kawo haya ko rabon riba. Darajarsa ta dogara ne ga abin da mai saye na gaba zai yarda ya biya. Shi ya sa labari ke juya kasuwar da sauri. A watan Fabrairu na 2021 kamfanin Tesla ya sanar da sayen Bitcoin na dala biliyan 1.5, farashi ya tashi. A watan Mayu na shekarar shugaban kamfanin, Elon Musk, ya ce sun daina karɓarsa a cinikin mota, hukumomin Sin kuma suka tsananta takura wa harkar, farashi ya rikito.

Dalili na uku shi ne ciniki da rance. Dandalolin ciniki da yawa suna barin mutum ya ajiye kuɗi kaɗan a matsayin jingina ya yi cinikin da ya ninka kuɗinsa. Misali, mai dala 100 zai iya riƙe kirifto na dala 1,000. Idan farashi ya sauka da kashi 10 cikin 100, asararsa ta kai dala 100, wato jinginarsa duka. Kafin a kai ga haka, na'urar dandalin za ta sayar da abin da yake riƙe ba tare da ta tambaye shi ba. Wannan sayarwar dole tana ƙara danne farashi, sai ta taɓa jinginar wasu, su ma a sayar da nasu. Ta haka ƙaramar faɗuwa ke zama babba cikin 'yan sa'o'i. Abin yakan faru ta ɗaya gefen ma: masu cacar cewa farashi zai sauka akan tilasta musu saye idan ya tashi, sai tashin ya ƙara ƙarfi.

Bugu da ƙari, kasuwar kirifto ba ta rufewa dare ko rana, kuma ba ta da birki irin na manyan kasuwannin hannun jari, inda ake dakatar da ciniki na ɗan lokaci idan faɗuwa ta yi yawa. A ƙananan kuɗaɗen kirifto masu saye kaɗan ne, don haka mutum ɗaya mai riƙe da kaso babba zai iya karya farashi idan ya sayar.

Faɗuwar 2022

Shekarar 2022 ta nuna yadda waɗannan dalilai ke haɗuwa. A watan Maris babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa don yaƙar hauhawar farashi, daga kusan sifili zuwa sama da kashi 4 cikin 100 a ƙarshen shekarar. Da rance ya yi tsada, masu jari suka fara janye kuɗinsu daga kadarori masu haɗari, ciki har da kirifto.

A watan Mayu wani kuɗi mai suna TerraUSD ya rushe. An ƙirƙire shi ne don ya tsaya a kan dala ɗaya, amma ba daloli aka ajiye a bayansa ba. Madogararsa ita ce wani kirifto ɗan'uwansa mai suna Luna: duk mai TerraUSD ɗaya zai iya musanya shi da sabon Luna na dala ɗaya. Da jama'a suka ruga musanyawa, sai aka yi ta ƙirƙirar Luna babu iyaka, farashinsa ya faɗo daga kimanin dala 80 zuwa ƙasa da santi ɗaya cikin 'yan kwanaki. Dukiyar da ta kai kimanin dala biliyan 40 ta narke. Kamfanonin da suka ba da rance ko suka ci bashi a harkar suka bi sahu, wasunsu suka hana abokan hulɗarsu cire kuɗi.

A ranar 11 ga Nuwamba dandalin FTX, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, ya bayyana karyewarsa bayan an gano an karkatar da kuɗin masu ajiya. Daga baya wata kotun Amurka ta yanke wa wanda ya kafa shi, Sam Bankman-Fried, ɗaurin shekara 25. Wannan shekara ta nuna haɗari iri uku: farashi ya faɗi ya dawo bayan shekaru kamar Bitcoin, kuɗin ya mutu ɗungurungum kamar Luna, ko kuma wurin ajiyar ya rushe kamar FTX.

Abin da mai ajiya zai iya riƙewa

Babu adadi ɗaya da aka yi ittifaƙi a kansa. Hukumar da ke kula da harkokin kuɗi a Birtaniya ta yi gargaɗi cewa duk mai zuba kuɗi a kirifto ya shirya rasa su gaba ɗaya. A watan Disamba na 2024 kamfanin BlackRock, wanda shi kansa yake sayar da asusun jarin Bitcoin, ya ba da shawarar kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na dukiyar jari ga masu sha'awa.

Ƙin riƙe ko kwabo shi ne ya fi dacewa da wasu mutane: wanda ake bi bashi, wanda ba shi da ajiyar ko-ta-kwana, da wanda zai buƙaci kuɗin cikin shekara biyu ko uku don haya, kuɗin makaranta, aure ko jarin sana'a. Dalili kuwa, buƙata ba ta jiran kasuwa. Wanda ya saya a ƙololuwar 2021 kuma hayarsa ta zo a ƙarshen 2022, dole ya sayar a kan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya biya.

Ga wanda ya wuce waɗannan sharuɗɗa, ana fara lissafi daga asara. A ɗauki misalin ma'aikaci mai ajiyar naira 2,000,000 wanda gidansa ke cin naira 150,000 a wata. Zai fara ware kuɗin wata shida, naira 900,000, a inda zai iya cirewa nan take. Saura naira 1,100,000. Sai ya yanke asarar da ba za ta taɓa cefane ko kuɗin makarantar yara ba, a ce naira 40,000. Tun da Bitcoin ya taɓa faɗuwa da kusan kashi 80 cikin 100 fiye da sau ɗaya, sai ya raba 40,000 da 0.8, ya sami naira 50,000. Wannan ita ce iyakarsa, kashi 2.5 cikin 100 na ajiyarsa duka. Idan ƙaramin kirifto ne wanda zai iya mutuwa gaba ɗaya, iyakar ita ce naira 40,000 ɗin kanta.

Da ya zuba rabin rarar, naira 550,000, irin wannan faɗuwa za ta bar shi da naira 110,000. Kafin ya dawo inda ya fara sai farashi ya ninka sau biyar, domin faɗuwar kashi 80 cikin 100 ba ta gyaruwa da tashin kashi 80, sai da tashin kashi 400.

Idan kasuwa ta tashi, naira 50,000 ta zama 150,000, kason ya wuce iyakar da aka yanke. Mai taka-tsantsan yakan sayar da rarar ya mayar da ita ajiya. Alamomin cewa mutum ya wuce iyaka sun haɗa da ƙara kuɗi don ya rama asara, taɓa kuɗin ko-ta-kwana, da cin bashi don saye.

A Nijeriya

Mai riƙe da kirifto a Nijeriya yana fuskantar farashi biyu: na kirifton a dala, da na dala a naira. Daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024 dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da naira 1,500. Saboda haka wani ɓangare na ribar da aka gani a naira a lokacin faɗuwar naira ce, ba tashin kirifto ba. Wannan ya sa mutane da dama suka koma ga kuɗaɗen da aka ɗaure da dala, kamar USDT. Farashinsu bai cika motsawa ba, amma amincinsu ya dogara ga kamfanin da ya fitar da su da kadarorin da ya ajiye a bayansu.

A watan Fabrairu na 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto, sannan ya ɗage haramcin a Disamba na 2023. Hukumar inshorar ajiyar banki ta ƙasa tana kare kuɗin mai ajiya a bankin kasuwanci har naira miliyan 5 idan bankin ya durƙushe, amma wannan kariya ba ta shafi kirifton da ke kan wani dandali ko a cikin wayar mutum ba.