Jadawalin rigakafi da sanyin allura: Inda tambayoyin jarrabawa ke kayar da ɗalibai

A jarrabawar ma'aikatan lafiyar al'umma a Najeriya, tambayoyin rigakafi kan ta'allaƙa ne a kan abu biyu: yaushe ake yi wa yaro allura, kuma ko allurar tana da sauran ƙarfi. Wanda ya kuskure amsar a takarda zai iya kuskure ta a asibitin ƙauye, inda yaro zai tafi gida da katin rigakafi cikakke amma babu kariya a jikinsa.

Jadawali

Ranar haihuwa ana ba jariri allurar tarin fuka da ta ciwon hanta, tare da ɗigon shan-inna. Allurar da ke kare cututtuka biyar, wadda ma'aikata ke kira Fenta, ana yin ta sau uku: a mako 6, mako 10 da mako 14. Ta ƙyanda da ta shawara sai a wata 9.

Tambayar da aka saba yi ita ce: an kawo yaro ɗan wata biyar wanda aka yi wa Fenta ta farko a mako 6, daga nan ba a sake kawo shi ba. Me za a yi? Ba a komawa farko. A yi masa ta biyu a ranar, ta uku kuma bayan mako huɗu, domin ita ce tazara mafi ƙaranci tsakaninsu.

Sanyi

A ƙaramin asibiti ana adana alluran tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos. Alamar da ke jikin kwalba murabba'i ce a cikin da'ira. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai lalata allurar ba; idan launinsu ya zo ɗaya ko ya fi ta duhu, ba a amfani da ita.

Tarkon yana nan: firiji ya kwana a ƙasa da sifili, amma alamar kwalbar Fenta ba ta sauya ba. Shin a yi amfani da ita? Alamar zafi kawai take nunawa, ba ta nuna daskarewa, ita kuwa Fenta ƙanƙara tana kashe ƙarfinta. Amsar ita ce gwajin girgiza. Ana ɗaukar wata kwalba daga rukuni ɗaya a daskarar da ita da gangan, a bari ta narke, sannan a girgiza ta tare da wadda ake zargi, a ajiye su kusa da juna. Idan garin da ke cikin wadda ake zargi ya kwanta da sauri kamar na wadda aka daskarar, ta lalace. Idan ya jinkirta, lafiyarta ƙalau.

Allurar ƙyanda kuwa, da zarar an haɗa ta da ruwanta, ana zubar da ragowar bayan awa shida ko a ƙarshen zaman rigakafin, duk wanda ya riga zuwa.