Yadda ake tantance takardun neman tallafi da ma'aunin maki

Duk lokacin da wata gidauniya ko hukumar ba da agaji ta yi shelar raba tallafi, takardun da ke shigowa sukan fi kuɗin da ke hannu yawa. Dole ne a ɗauki wasu, a bar wasu, kuma waɗanda aka bari suna da haƙƙin sanin dalili.

Wannan ne ya sa kwamitocin tantancewa ke amfani da takardar ba da maki. Jadawali ne da ke auna kowace takarda da tambayoyi iri ɗaya, yawanci guda huɗu: shin akwai buƙatar aikin, shin zai yiwu, shin kasafin kuɗinsa daidai ne, kuma shin zai ɗore bayan tallafin ya ƙare.

Sai dai jimillar maki kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba. Nauyin da aka ɗora wa kowane sashe, da kuma mafi ƙarancin makin da aka yarda da shi, su ne ke nuna wanda zai yi nasara. Saboda haka ake rubuta su tun kafin a buɗe takarda ta farko.

Tsarin jadawalin

Jadawalin na da matakai biyu. Da farko ana raba maki 100 tsakanin sassan huɗu gwargwadon abin da ya fi damun mai ba da tallafin. Misali, buƙata ta samu 30, yiwuwar aiwatarwa 25, kasafi 20, ɗorewa kuma 25.

Bayan haka mai tantancewa zai ba kowane sashe lamba daga 1 zuwa 5. Ana raba lambar da 5, a ninka da nauyin sashen. Wanda ya samu 4 a sashe mai nauyin 25, makinsa 20 ke nan.

Dole ne a fayyace ma'anar kowace lamba a rubuce. Idan aka ce 3 na nufin "da dama-dama" kawai, kowa zai fassara ta yadda ya ga dama. Amma idan aka rubuta cewa 3 a sashen kasafi na nufin lissafi ya daidaita amma ba a kawo shaidar farashi ba, to mutum uku za su iya kallon takarda guda su kusan dacewa.

Manyan hukumomi ma haka suke yi. A shirin tallafin binciken kimiyya na Tarayyar Turai, ana ba kowane ɗaya daga sassa uku maki tsakanin 0 da 5, kuma a ƙa'ida ta gama-gari sai takarda ta samu akalla 3 a kowane sashe, da 10 cikin 15 a jimilla, sannan a duba yiwuwar ba ta kuɗi.

Misalin takardu biyu

A ƙaddara wata gidauniya na da naira miliyan 20 don samar da ruwan sha a karkara, kuma takardu biyu suka kai matakin ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, don a ga yadda lissafin ke tafiya.

Takarda ta farko na neman naira miliyan 18 don haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a wani ƙauye mai mutum 2,400, wanda mazaunansa ke shan ruwan kududdufi. Ta biyu na neman naira miliyan 9 don gyara famfunan tuƙa-tuƙa shida da suka lalace a ƙauyuka uku masu mutum 3,000, tare da horas da masu gyara daga cikin 'yan ƙauyukan.

Kuɗin da ake nema gaba ɗaya naira miliyan 27 ne, wato ɗaya kawai za a iya ɗauka.

Buƙata da yiwuwar aiwatarwa

A sashen buƙata, abin da ake nema shi ne hujja: mutane nawa ne abin ya shafa, ina suke samun ruwa yanzu, nisan wurin nawa ne, kuma wa ya ƙidaya su. Kalamai masu sosa rai a kan talauci ba sa ƙara maki. Ana kuma bincika ko wata hukuma ta riga ta shirya yin aikin a wurin.

Ƙauyen farko ba shi da wani ruwa mai tsabta, kuma an haɗo da bayanan asibitin yankin kan masu gudawa, don haka ya samu 5, wato maki 30. Ƙauyukan takarda ta biyu na da rijiyoyin hannu da suke lallaɓawa da su, sai aka ba su 3, wato maki 18.

Sashen yiwuwa kuwa yana duba ƙasa da lokaci da mutane. A yankunan da dutse ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, kamar sassa da yawa na jihohin Kano da Kaduna, ruwa na taruwa ne a tsagogin dutse da inda ya ruɓe, kuma ana iya haƙawa a tarar da wuri a bushe. Takardar da ba ta zo da rahoton binciken ƙasa ba a irin wannan yanki bai kamata ta wuce 2 ba.

Haka kuma ana duba jadawalin aiki. Wanda ya ce zai kai motar haƙa rijiya ƙauyen da ba shi da kwalta a watan Agusta, ya nuna bai san wurin ba. Sannan a ga takardar izinin fili, da ayyukan da ƙungiyar ta taɓa kammalawa. Dukkan takardun biyu sun cika akasarin waɗannan sharuɗɗa, kowace ta samu 4, wato maki 20.

Kasafin kuɗi

Arha ba ita ce abin da ake auna wa a nan ba. Tambayar ita ce ko kowane aiki da aka ambata na da kuɗinsa, kuma ko kowane kuɗi na da aikin da aka ware shi dominsa. Kasafin da ya yi ƙasa da farashin kasuwa na da haɗari kamar wanda aka kumbura, domin a tsakiyar hanya aikin zai tsaya.

Masu tantancewa kan raba kuɗin da yawan masu amfana. A takarda ta farko ya kama naira 7,500 kan kowane mutum, a ta biyu naira 3,000. Amma wannan kwatance na da iyaka, tun da gyaran tsohon famfo ba ɗaya yake da haƙa sabuwar rijiya ba. Da ayyuka masu kama da shi ake gwada kowane aiki.

Ana kuma duba kason da ke tafiya ga hidimar ofis. A tallafin da Tarayyar Turai ke bayarwa a ƙasashen waje, ƙa'idar da ta daɗe ita ce kuɗin gudanarwa na gama-gari kada ya wuce kashi 7 cikin 100 na kuɗin aikin kai-tsaye, ajiyar ko-ta-kwana kuma kada ta wuce kashi 5.

Ranar da aka karɓo farashi ma abin lura ce. Bayan da Najeriya ta saki darajar naira a watan Yuni na 2023, kuma hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, farashin kayan da ake shigowa da su, irin su famfo da faifan hasken rana, ya riƙa sauyawa cikin 'yan watanni. Takardun biyu sun kawo sababbin farashi daga 'yan kasuwa uku-uku, kowace ta samu 4, wato maki 16.

Ɗorewa

Nan ne takardu da yawa ke fakewa da jimla guda: al'umma za ta kula da aikin. Mai tantancewa na ƙwarai yakan mayar da wannan alƙawari zuwa lissafi.

Rijiyar hasken rana na buƙatar mai tsaro da kulawa, a ce naira 30,000 a wata, wato 360,000 a shekara. Ƙananan gyare-gyare za su ci 240,000. Idan sabon famfo ya kai naira miliyan 2.1 kuma ana sa ran canza shi bayan shekara bakwai, sai an riƙa ajiye 300,000 duk shekara. Jimilla naira 900,000 ke nan, wato gidaje 300 su riƙa biyan naira 250 kowane wata.

Kuɗin ba su fi ƙarfin ƙauyen ba, amma takardar ba ta yi wannan lissafi ba, ba ta faɗi wanda zai karɓi kuɗin ko inda za a ajiye su ba. Ta samu 2, wato maki 10.

Takarda ta biyu ta nuna cewa gidaje 400 sun amince a rubuce su biya naira 150 a wata, abin da zai tara 720,000 a shekara, wato 120,000 ga kowane famfo. Ta ambaci kwamitin ruwa, da asusun ajiya, da kasuwar da ake samun kayan gyara. Ta samu 4, wato maki 20.

Sakamako

Takarda ta farko ta tashi da maki 76, ta biyu 74. Da jimilla kawai ake dubawa, ta farko ce ta ci. Amma idan an gindaya sharaɗin cewa sai an samu akalla 3 a kowane sashe, ta faɗi a ɗorewa, kuɗin kuma ya tafi ga ta biyu.

Ko ba tare da wannan sharaɗi ba, sauya nauyi na iya juya sakamakon. Idan aka rage buƙata zuwa 20 aka ɗaga ɗorewa zuwa 35, ta farko za ta koma 70, ta biyu ta hau 76, alhali ba a canza harafi ɗaya a takardun ba. Wanda ke da ikon taɓa nauyin bayan an ga takardun, yana da ikon zaɓar wanda yake so. Shi ya sa ake wallafa jadawalin tare da shelar neman takardu.

Hukuncin na da nauyi, domin ƙauyen da ya fi kowa ƙishirwa ne ya rasa. Wasu kwamitoci kan mayar da irin wannan takarda tare da bayanin inda ta gaza, don a gyara ta a zagaye na gaba.

Inda masu tantancewa ke kuskure

Yawanci mutum biyu ko uku ne ke duba kowace takarda, kowa a keɓe, kafin su zauna tare. Idan aka fara da taro, makin babba ko wanda ya fara magana ne ke jan sauran.

Idan mutum biyu suka sha bamban da lamba biyu ko fiye a sashe guda, bai dace a raba tsakani kawai ba. Mai yiwuwa ɗaya ya ga abin da ɗayan bai gani ba, don haka kowa ya nuna shafin da ya dogara da shi.

Akwai alamun da ke tona rauni. Wanda ya ba kusan kowa 3 yana gudun yanke hukunci ne. Wanda kuma lambarsa ɗaya ce a duk sassan takarda guda, wataƙila kyawun Turancinta ne ya ruɗe shi, abin da kan cuci ƙananan ƙungiyoyin karkara da ba su da kuɗin hayar marubuci. Maganin duka biyun shi ne a wajabta rubuta dalili a gefen kowace lamba.

Haka nan duk mai dangantaka ta jini, ko aure, ko kasuwanci da masu nema, ya bayyana a rubuce ya janye daga duba takardarsu.

Jadawalin na auna abin da aka rubuta ne kawai. Saboda haka hukumomi da dama ba sa sakin kuɗi sai wakilinsu ya je wurin ya ga famfunan, ya ƙirga gidajen, ya kuma ji daga bakin mutanen da aka ce sun amince su biya.