Guduma da Tsini: Hanyoyi Biyu na Auna Ƙasar Gini

A 1902, a birnin Boston na Amurka, Charles Gow ya fara doka bututu cikin ramin haƙa domin ya ciro samfurin ƙasa. Daga baya ma'aikata suka riƙa ƙirga bugun, kuma a 1947 Karl Terzaghi ya raɗa wa aikin sunan da aka gajarta SPT. Tsarin bai sauya sosai ba: guduma mai kilo 63.5 tana faɗowa daga tsayin santimita 76, bututun ya nutse santimita 45, a ƙirga bugun santimita 30 na ƙarshe.

Mutanen Holand kuwa ƙasarsu taɓo ce da yashi, inda bututu kan nutse tun kafin a buga. A 1932 Pieter Barentsen ya tura sanda mai tsini cikin ƙasa yana auna turjiyarta. Begemann ya ƙara hannun riga mai auna gogayya a 1953, kamfanin Fugro ya fito da tsini na lantarki a 1965, daga bisani aka sa masa ma'aunin matsin ruwa. Wannan shi ne CPT, wanda ake turawa santimita 2 a daƙiƙa, yana ba da karatu kusan kowace santimita biyu.

Kowanne ya ɗauko halin ƙasar da ta haife shi, kuma a fili mai gaurayen ƙasa ne hakan ke fitowa sarari. Ɗauki fili a bakin kogi: tsakuwa mita biyu a sama, yashi a ƙarƙashi, sai siririn shimfiɗar yumɓu mai laushi, kaurin santimita 40, a zurfin mita bakwai. Gwajin guduma ana yin sa ne duk bayan mita ɗaya da rabi, wato santimita 105 na wucewa ba a auna ba. Yumɓun nan na iya ɓuya a wannan giɓi, alhali shi ne zai sa gini ya zauna. A tsakuwa kuma, dutse kan toshe bakin bututun, wanda faɗinsa milimita 35 ne kacal, bugu ya yi yawa, a ɗauka ƙasa ce mai ƙarfi. Alamar ita ce bututu ya fito wayam.

Tsini ba ya tsallake yumɓun: turjiya ta faɗi, matsin ruwa ya tashi nan take. Amma tsakuwar sama za ta tsayar da shi ko ta lalata shi, kuma ba ya ciro ko ɗigon ƙasa, don haka nau'inta hasashe ne daga jadawali irin na Robertson na 1990.

A irin wannan fili, ni dai ina ganin a fara haƙe tsakuwar, a tura tsini a wurare da dama, sannan a haƙa rami ɗaya ko biyu kusa da su, a yi gwajin guduma a yashi da tsakuwa, a ciro yumɓun da siririn bututu a daidai zurfin da tsini ya nuna.