Me ya sa bidiyo ya fi rubutu wahala ga ƙirƙirarriyar basira?

A ranar Litinin, 5 ga Agustan 2024, gwamnatin Jihar Kaduna ta sanya dokar hana fita ta sa'o'i 24 a biranen Kaduna da Zariya, bayan zanga-zangar tsadar rayuwa da aka fara a ranar 1 ga watan ta rikiɗe zuwa tarzoma. Yawancin abin da jama'a suka gani na waɗannan kwanaki sun gan shi ne a gajerun bidiyoyin waya da ke yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok, kuma a kan irin waɗannan bidiyoyi ake gina zargi da musantawa. A yau mutane da dama na miƙa bidiyo ga manhajar ƙirƙirarriyar basira domin ta faɗa musu ko na gaske ne. Sai dai manhajar da ke taƙaita dogon jawabi cikin daƙiƙa kaɗan takan yi tuntuɓe a kan bidiyon minti ɗaya. Dalilin yana cikin abubuwa uku: yawan firam, yawan fiksil, da kodek.

Nauyin minti ɗaya

Bidiyo jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, har ido ya ɗauka motsi yake gani. Kowane hoto a cikin jerin shi ake kira firam. Finafinan silima na amfani da firam 24 a daƙiƙa ɗaya, talabijin irin na Najeriya ya taso da 25, yawancin wayoyi kuwa suna ɗauka da 30.

Kowane firam kuma ya ƙunshi ƙananan ɗigo masu launi da ake kira fiksil. Idan waya ta nuna 1080p, ma'anarsa fiksil 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato ɗigo 2,073,600.

A ɗauka wani matashi ya tsaya a Titin Ahmadu Bello ya ɗauki taron jama'a na tsawon minti ɗaya. Ya tara firam 1,800 ke nan. Kowane fiksil na buƙatar bait uku, domin ja da kore da shuɗi, saboda haka firam guda ya kai kimanin megabait 6. Minti ɗayan, idan ba a matse shi ba, ya haura gigabait 11. Wannan maƙala gaba ɗayanta kuwa 'yan kilobait ce. Bambancin ya wuce ninki miliyan ɗaya.

Bayan nauyi akwai batun ma'ana. Kalmar “dokar hana fita” tana isa ga na'ura da ma'anarta a ɗaure. Fiksil ba ya faɗin komai sai launinsa. Dole na'ura ta gano da kanta cewa waɗannan ɗigo fuska ce, waɗancan tuta ce, sannan ta gane cewa mutumin da ya shige bayan mota a firam na 200 shi ne ya fito a na 260.

Abin da kodek ke zubarwa

Ba wanda zai iya tura gigabait 11 da datar waya. Aikin kodek shi ne matse bidiyo lokacin adanawa da buɗe shi lokacin kallo. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne H.264, da aka fitar a 2003. Bayansa H.265 ya zo a 2013, sai AV1 a 2018.

Dabarar kodek ita ce daina maimaita abin da bai canza ba. Yakan adana cikakken hoto jefi-jefi, sauran firam ɗin kuma ya rubuta bambanci kawai: wannan yanki ya matsa dama kaɗan, ginin baya yana nan yadda yake. Yakan kuma watsar da ƙananan bayanai da ido bai cika lura da su ba, kuma abin da ya watsar ba ya dawowa.

Wannan dabara ta fi dacewa da mai karanta labarai da ke zaune wuri ɗaya. Bidiyon zanga-zanga akasin haka yake: hannun mai ɗauka na rawa, mutane na gudu, ga ƙura da hayaƙi. Kusan komai na canzawa a kowane firam, sai hoton ya farfashe zuwa ƙananan murabba'ai, fuskoki su dagule.

Manhajojin sada zumunta kuma sukan sake matse abin da aka ɗora musu, sau da yawa su rage girmansa. Idan bidiyon Titin Ahmadu Bello ya sauka zuwa 480p, kusan kashi huɗu cikin biyar na fiksil ɗinsa sun tafi. Fuskar da ke da faɗin fiksil 40 ta koma kimanin 18, wanda bai isa a rantse cewa wane ne ba.

Yadda na'ura ke kallo

Manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna yayyanka duk abin da aka ba su zuwa gutsattsari da ake kira tokin, kuma aikin na ƙaruwa sosai gwargwadon yawansu. Domin rage nauyi sai su tsallake firam. Bayanan da kamfanin Google ya wallafa kan Gemini 1.5 sun nuna cewa yana ɗaukar firam ɗaya a kowace daƙiƙa, kowanne a kan tokin 258. Bidiyon minti ɗaya zai ci tokin 15,480 ke nan, ban da sauti, alhali firam 60 kacal aka duba cikin 1,800.

A nan haɗarin yake. Jifa ko ɗaga kulki na iya faruwa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Tambayar da ta fi muhimmanci a rikici, wato wa ya fara, tana iya faɗawa cikin firam 29 da aka tsallake, kuma manhajar za ta iya ba da amsa a tsare kamar ta ga komai.

Manhajojin gano bidiyon bogi ma suna da rauninsu. Suna farautar ƙananan alamomi a gefen fuska da laushin fata, irin bayanan da kodek ke fara gogewa. Binciken FaceForensics++ na 2019 ya nuna cewa ƙwarewar ganowa na raguwa idan aka matse bidiyo sosai. A gasar da Facebook ya jagoranta, wadda aka bayyana sakamakonta a 2020, manhajar da ta zo ta ɗaya ta dace ne da kimanin kashi 65 cikin 100 a kan bidiyoyin da ba ta taɓa gani ba.

Yadda ake tantancewa

Matakin farko shi ne neman ainihin fayil daga wayar da ta ɗauka. A WhatsApp, tura bidiyo ta zaɓin Document na isar da shi ba tare da an sake matse shi ba. Mai kwamfuta na iya duba kodek da girma da yawan firam da wannan umarni:

```
ffprobe -hide_banner bidiyo.mp4
```

Idan sakamakon ya nuna ƙaramin girma kamar 480p, akwai yiwuwar kwafi ne da ya bi ta hannaye da yawa. Dagulewar fuska a irin wannan kwafi ba hujja ba ce cewa bidiyon na bogi ne, haka kuma rashin ganin alamar bogi ba ya tabbatar da sahihancinsa.

Daga nan sai a bi bidiyon firam bayan firam, a ciro hotuna a nemi inda suka taɓa fitowa a intanet, domin tsohon bidiyo da aka liƙa wa sabon labari ba shi da wata alamar bogi da na'ura za ta kama. A ƙarshe a gwada abin da ke ciki da ainihin wurin: allunan shaguna, fasalin gada, launin motocin haya. Mazaunin Kawo ko Unguwar Sarki na iya gane cikin daƙiƙa guda cewa shataletalen da ke cikin bidiyon ba na Kaduna ba ne.